Yadda ake gwajin faɗuwar darajar kadara da gudwil: misalin injin shinkafa a Daura

Duk ƙarshen shekara sai na yi wannan aiki wa kamfani biyu ko uku a nan Katsina, kuma kusan kullum da gardama ake farawa. Mai kamfani ya san nawa ya biya, littafi ma ya riƙe abin da ya biya ɗin, sai ga akanta ya zo yana cewa kadarar ba ta kai haka ba yanzu. Abin da gwajin ke tambaya ɗaya ne tak: kuɗin da ke rubuce a littafi a kan wannan kadara, za su dawo kuwa, ko ta hanyar sayar da ita ko ta hanyar ci gaba da aiki da ita? In za su dawo, shi ke nan, ba ka taɓa komai. In ba za su dawo ba, giɓin da ke tsakani asara ce, kuma a wannan shekarar za ka rubuta ta.

Ƙa'idar da ake bi ita ce IAS 36, ɗaya daga cikin ƙa'idojin lissafin kuɗi na duniya, wato IFRS, da manyan kamfanonin Najeriya suka fara aiki da su a 2012. Zan bi da kai ta aiki guda da na yi. Wani kamfanin hatsi na Katsina ya sayi injin casar shinkafa a Daura kan naira miliyan 400, alhali fili da gini da injuna da motocin wurin, da aka kimanta su ranar ciniki, miliyan 360 suka kama. Miliyan 40 ɗin da ya hau kai shi ne gudwil, wato kuɗin suna da kwastoma da hannun ma'aikatan da suka san aikin. Ba ya da jiki, ba ka iya ɗaukarsa ka kai kasuwa shi kaɗai. Na daidaita alƙaluman kaɗan don lissafin ya yi sauƙin bi.

Kayan aiki

Kafin ka zauna, tara waɗannan. Na farko rajistar kadarori, wadda ke nuna kuɗin sayen kowace kadara, ragin tsufan da aka cire mata zuwa yau, da abin da ya saura. Abin da ya saura ɗin shi zan riƙa kira darajar littafi. Sai takardun cinikin da ya haifar da gudwil, domin ka ga yadda aka samo shi. Sai kasafin shekara mai zuwa wanda shugabannin kamfani suka sa wa hannu, tare da ainihin sakamakon shekara biyu ko uku da suka wuce. Ka haɗa da takardun bashin banki na kamfanin, da rahoton mai kimanta gidaje da filaye in akwai shi, da kwamfuta mai Excel. In babu kwamfuta, kalkuleta ta wadatar, zan nuna yadda.

Abu na ƙarshe ba ya shiga jaka: ka je wurin da ƙafarka. Ranar da na isa injin nan wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, layi ɗaya ne ke aiki cikin biyu, na biyun kuma ƙura ta rufe bel ɗinsa har ka iya rubuta sunanka da yatsa. Babu takardar da ta gaya mini haka.

Mataki na 1: Duba ko gwajin ya hau kanka

Inji, mota ko gini ba a gwada su kowace shekara, sai in an ga alama. Wasu alamun daga waje suke zuwa: farashin abin da kake sayarwa ya karye, kuɗin ruwa a kasuwa ya yi tsalle, gwamnati ta sauya doka. Wasu daga cikin gida: inji ya lalace ko ya zama tsohon yayi, an dakatar da shi, ko ribar da ake samu ta gaza wadda aka yi kasafi sosai.

Gudwil daban yake. Ko da alama ko babu, sau ɗaya a shekara dole ne a gwada shi, kuma a lokaci guda kowace shekara. Za ka iya zaɓar watan Satumba don kauce wa cunkoson Disamba, amma in ka zaɓa ka tsaya a kai.

A Daura alamu sun taru har sun yi yawa. Man dizal ya yi tsada, Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a Nuwamban 2024, sannan ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150 da gwamnatin tarayya ta sanar a Yulin 2024 ya haɗa da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, abin da ya sa masu injuna na gida suka shiga taitayinsu.

Gargaɗi ɗaya tun nan. In kamfaninka ƙarami ne mai bin ƙa'idar IFRS ta ƙananan kamfanoni, gudwil ɗinsa ana rage shi ne kaɗan-kaɗan duk shekara, kuma in an kasa ƙiyasta tsawon rayuwarsa ba a wuce shekara 10. Can ba a gwada shi sai an ga alama. Duba bayanan kuɗin bara ka ga wace ƙa'ida kuke bi kafin ka ɓata mako guda a banza.

Mataki na 2: Shata iyakar abin da za ka gwada

Nan ne sabon shiga ya fi tuntuɓe. Injin cire tsakuwa shi kaɗai ba ya kawo ko sisi. Sai an haɗa shi da tukunyar turara, na'urar busarwa, injin casa, janareta da motar kai kaya sannan buhu ke fita a karɓi kuɗi. Saboda haka ba inji ɗaya-ɗaya ake gwadawa ba. Ana neman rukunin kadarori mafi ƙanƙanta da ke shigo da kuɗi da kansa, ba tare da ya jingina da wani sashe na kamfanin ba.

Tambayar da nake yi ita ce: in an rufe sauran sassan kamfani gobe, wannan wurin zai ci gaba da sayarwa ya karɓi kuɗinsa? Injin Daura yana da kwastominsa da sunan buhunsa, don haka rukuni ne mai cin gashin kansa. Sito da shagunan Katsina rukuni ne na daban.

Alhajin da ke da kamfanin ya so a haɗa su. Ya ce, "Malam Akanta, ai duk aljihu ɗaya ne. Katsina na cin riba, ta rufe wa Daura asiri mana." Na ce, "Ranka ya daɗe, aljihu ɗaya ne, amma tun ranar ciniki a kan Daura muka ɗora gudwil ɗin, kuma rahoton Daura daban ake kawo maka duk wata. In muka haɗa yau don lissafi ya yi kyau, odita zai raba su gobe." Rukunin da ka zaɓa bara shi za ka riƙe bana, sai in tsarin kasuwancin ne ya sauya da gaske.

Mataki na 3: Fitar da darajar littafi

Shekara biyu bayan ciniki, ga abin da rajista ta nuna, a miliyoyin naira: fili da gini 120, injuna 150, janareta da motoci 50, gudwil 40. Jimla 360.

Samfarerar da ke sito da bashin da ake bin dillalai ban sa su ba, domin kowannensu na da ƙa'idar da ake auna shi da ita, IAS 2 ga kayan sito, IFRS 9 ga basussuka. Fara gama da su tukuna. Bashin bankin da aka ci don sayen injin shi ma ba a cire shi daga jimlar. Dokar a nan ita ce hagu da dama su yi daidai: duk abin da ka bari a waje a wannan mataki, kada kuɗinsa ya shigo hasashenka a mataki na biyar, abin da ka sa kuma dole kuɗinsa ya fito a can. Na taɓa ganin wanda ya cire bashin banki daga darajar littafi amma bai cire biyan bashin daga kuɗin da ke shigowa ba, sai gwaji ya nuna masa komai lafiya lau alhali asara na kwance.

In akwai kadarar da ta mutu murus a cikin rukunin, misali motar da ta ƙone, ka sauke ta ita kaɗai zuwa kuɗin gwangwan kafin ka tara jimla.

Mataki na 4: Nawa za a samu in an sayar

Ma'auni na farko shi ne farashin da mai saye da mai sayarwa za su daidaita a kai cikin natsuwa, ba gwanjon wanda banki ya matsa wa lamba ba, sannan a cire kuɗin da sayarwar za ta ci: la'adar dillali, kuɗin lauya, kuɗin takardun fili, da kuɗin kwance inji in sai an kwance.

Mun yi sa'a wani ɗan kasuwa daga Kano ya taya wurin gaba ɗaya miliyan 280 a rubuce, mai kimantawa kuma ya ce tayin bai kauce wa kasuwa ba. La'ada da lauya da takardu muka ƙiyasta miliyan 14. Saura 266.

In babu tayi, nemi farashin da aka sayar da makamancin wurin kwanan nan. In shi ma babu, sa mai kimantawa mai rajista ya yi wa fili da gini kuɗi, injiniya ya yi wa injuna. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne maganar baki. "Wani ya ce zai ba ni miliyan 500" ba hujja ba ce sai an gan ta a takarda. Haka kuma kada ka ɗauki farashin sabon inji a yau. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 kuɗin sabon inji daga waje ya ninka, masu kamfani kuma suna son kafa hujja da haka. Amma mai saye ba sabo zai saya ba, naka zai saya, kuma abin da injin zai kawo masa yake dubawa.

Ga hanyar rage wahala: da wannan adadi ya haura darajar littafi, gwaji ya ƙare, ba sai ka yi mataki na biyar ba. A nan 266 bai kai 360 ba, sai muka ci gaba.

Mataki na 5: Nawa zai kawo in an ci gaba da aiki da shi

Wannan shi ake kira darajar amfani, kuma nan ne aikin yake. Kashi uku ne: hasashen kuɗin da zai shigo, kason ragi, wato kason da za a zaftare saboda jira da kasada, sai lissafin kansa.

Fara da hasashe. Manajan injin ya kawo mini kasafi mai nuna rarar miliyan 110 a shekarar farko. Da na zauna da shi muka bi layi-layi, sai na tarar ya lissafa layi biyu suna aiki cikakke, ya kuma ƙara ribar sabuwar tukunyar turara da ba a ma saya ba. IAS 36 ta ce a auna kadara a halin da take yau. Faɗaɗawar da ake buri ba ta shiga, rage ma'aikatan da ba a riga an yanke shawararsa an sanar ba shi ma ba ya shiga. Na ce masa, "Yallaɓai, bara tan nawa ka casa? Sito nawa ka cika da kaka?" Daga amsarsa muka sake gini.

Shekarar farko ta fito haka: ciniki miliyan 900, haɗe da kuɗin dusa da gutsuttsarin shinkafa. Sayen samfarera 690, dizal da wuta 70, albashi 35, buhuna da dako 20, gyara da sauya sassan inji 25. Abin da ya rage miliyan 60.

Lura da abin da babu a jerin. Babu ragin tsufa, don ba kuɗi ne ke fita ba. Babu kuɗin ruwan banki, don kason ragi ya riga ya ɗauke shi, in ka cire a nan ka cire sau biyu. Babu harajin riba. Amma kuɗin gyara da sauya abin da ya tsufa dole ya kasance, kuma shi ne manajoji suka fi mantawa. Robar injin casa da rariya ba sa shekara, janareta ma akwai ranar da za a sauke injinsa. In ka ce wuri zai yi ta aiki har illa ma sha Allahu, to sai ka ware kuɗin da zai riƙe shi a tsaye.

Hasashe ba ya wuce shekara biyar sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Namu ya zama 60, 66, 72, 78, 84. Kafin ka yarda da kowane kasafi, ɗauko na shekarun baya ka kwatanta da abin da ya faru. In manaja ya saba cewa ɗari a samu saba'in, to ɗarinsa na bana ma saba'in ne.

Sai kason ragi. Naira ɗari da za a ba ka baɗi ba ta kai naira ɗari ta yau ba, balle wadda ba ka da tabbacin zuwanta. Kason shi ne ribar da mai zuba jari zai nema kafin ya sa kuɗinsa a irin wannan sana'a. Ni ina farawa daga abin da takardun lamunin gwamnatin tarayya masu dogon zango ke bayarwa, domin shi ne ƙasa, sannan in ƙara kasadar sana'ar: ƙaramin kamfani, kaya iri ɗaya, samfarera mai hawa da sauka, hanya mai matsalar tsaro. Daga nan in kwatanta da abin da banki ke cajin kamfanin. In kasonka ya faɗo ƙasa da kuɗin ruwan banki sosai, akwai kuskure, don mai jari ya fi banki ɗaukar kasada. Na tsaya a kashi 30 cikin ɗari, kafin haraji.

Alhaji ya ɗaga gira da ya ji haka, ya ce shi fa ba ya son a shigo masa da riba cikin littafi. Na bayyana masa cewa ba wanda zai biya ko ya karɓi komai, ma'auni ne kawai na darajar jira. Wanda ya fi natsuwa da sukuk, wanda gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017, yana iya farawa daga abin da sukuk ke bayarwa.

Kuskure mafi tsada a ƙasar nan shi ne cakuɗa hauhawar farashi. In kasonka na kasuwa ne kamar 30, to hauhawar farashi na cikinsa, don haka hasashenka ma ya hau da farashi, ciniki da kashewa duka. In ka bar farashin yau a tsaye shekara biyar ka zaftare da 30, za ka ƙirƙiro asarar da babu ita. Wasu kuma su kwafo kashi 10 daga littafin karatu na Turai su ɗora a kan naira, sai komai ya tsallake gwaji.

Yanzu lissafi. A Excel, sa adadin shekara biyar a B2 zuwa F2, sannan:

```
=NPV(30%,B2:F2)
=F2*(1+10%)/(30%-10%)/(1+30%)^5
```

Layin farko ya ba da 167.9. Da kalkuleta, raba 60 da 1.3, raba 66 da 1.3 sau biyu, 72 sau uku, haka har ƙarshe. Za ka samu 46.2, 39.1, 32.8, 27.3 da 22.6. Ka sani `NPV` yana ɗaukar adadin farko a matsayin kuɗin ƙarshen shekara ta ɗaya, don haka kada ka cusa masa kuɗin yau a gaba.

Layi na biyu shi ne darajar duk shekarun da ke bayan ta biyar. Na ɗauka kuɗin zai riƙa ƙaruwa da kashi 10 a shekara, wanda a naira kusan tafiya ce da farashi kawai, ba bunƙasa ba. 84 ya zama 92.4, a raba da 0.20 ya ba da 462, a dawo da shi yau ya zama 124.4. Mutane da yawa suna manta wannan dawowar ta ƙarshe, su tara 462 ɗungurungum. Jimlar darajar amfani 292.3, na ɗauki 292.

Dubi yadda fiye da kashi 40 cikin ɗari na amsar ya fito daga layi ɗaya mai zato biyu. Shi ya sa nake jijjiga lissafin kafin in nuna wa kowa. Da kason ragi 28, darajar ta hau 324. Da 32, ta sauko 266. Maki biyu kacal na motsa kusan miliyan 30. Rubuta dalilin kasonka a takarda tun kafin ka ga amsa, don kada zuciya ta ja ka ka gyara shi har asara ta ɓace. Odita mai ido yana gane kason da aka ƙera daga baya.

Mataki na 6: Kwatanta

Abin da za a iya maidowa shi ne wanda ya fi girma tsakanin biyun, domin mai hankali zai zaɓi hanyar da ta fi kawo masa kuɗi. Sayarwa 266, ci gaba da aiki 292. Mun ɗauki 292. Darajar littafi 360. Asara miliyan 68.

Mataki na 7: Raba asarar

Gudwil ne ke fara sha. Dalili a fili yake: an biya shi ne don tsammanin riba ta musamman, ribar kuma ba ta zo ba. Miliyan 40 ya tafi gaba ɗaya, saura 28.

Wannan 28 ana raba shi ga sauran kadarori gwargwadon darajar littafinsu, wadda jimlarta 320 ce. Fili da gini za su ɗauki 10.5, injuna 13.125, janareta da motoci 4.375. Amma akwai birki: ba a sauke kowace kadara ƙasa da abin da ita kanta za ta kawo in an sayar da ita, ko darajar amfaninta in ana iya gane ta, kuma ba a wuce sifili. Mai kimantawa ya ce fili da gini za su kawo 115 bayan cire kuɗin sayarwa. Ke nan 5 kawai za su iya ɗauka, ba 10.5 ba.

Saura 23 sai ya koma kan injuna da motoci bisa 150 da 50. Injuna 17.25, janareta da motoci 5.75. Na sake duba birkin a kansu: injuna a kasuwa wajen 100, janareta da motoci wajen 38, duk ƙasa da inda muka sauke su, don haka babu matsala. Sabbin alƙaluma: fili da gini 115, injuna 132.75, janareta da motoci 44.25, gudwil babu. Tara su. In ba su ba ka 292 ba, koma baya ka nemo inda ka zame.

Wani lokaci duk kadarorin sukan kai birkinsu alhali asara ba ta ƙare ba. Ragowar ba a ƙirƙira mata bashi don a cike, sai in wata ƙa'ida ce ta wajabta. A nan ake tsayawa.

Mataki na 8: Shigar da shi littafi

Debit asarar faɗuwar daraja miliyan 68 a lissafin riba da asara. Kiredit gudwil 40, gini da fili 5, injuna 17.25, janareta da motoci 5.75. Ga kadarorin da ake gani, na fi son a buɗe shafin tarin faɗuwar daraja kusa da na ragin tsufa maimakon a goge kuɗin saye, don tarihi ya zauna. In an taɓa ɗaga darajar ginin a littafi har aka ajiye rarar kimantawa, to kasonsa na asarar daga wannan rarar zai fara fita, sai abin da ya haura ya shiga riba da asara.

Kada ka rufe littafi ba ka gyara ragin tsufa ba. Injunan saura musu shekara shida. Da miliyan 25 ake cirewa a shekara, yanzu 132.75 a raba shida, 22.125. Na sha tarar da rajistar da aka bar ta tana cire tsohon adadi, sai a shekara ta shida inji ya faɗa ƙasa da sifili.

Tambayar da Alhaji ya yi da na kai masa takarda ita ce, "To wa ya ci miliyan 68 ɗin?" Babu wanda ya ci, kuma ko kwabo bai fita daga asusu bana ba. Kuɗin sun fita tun ranar ciniki, yau ne kawai littafi ya amsa cewa ba duka za su dawo ba. Amma abin na da tasiri a wuri biyu. Hukumar haraji ba ta karɓar wannan asara a matsayin abin cirewa, nata rangwamen kadara take bi, don haka za a mayar da ita cikin riba wajen lissafin haraji, kason injuna da gini kuma ya taɓa lissafin harajin da aka jinkirta a ƙarƙashin IAS 12. Na biyu banki. In takardar bashi ta gindaya cewa dukiyar kamfani kada ta sauka ƙasa da wani adadi, duba tun kafin a sa hannu, a je a yi musu bayani da baki kafin su gani a takarda.

A bayanan da ke bin lissafin shekara, faɗi abin da ya jawo asarar, rukunin da ta shafa, adadinta, cewa darajar amfani aka bi, da kason ragi da na ƙaruwa. Ajiye fayil ɗin Excel, tayin ɗan Kano, rahoton mai kimantawa da kasafin da aka sa wa hannu a jaka ɗaya.

Mataki na 9: In kasuwa ta gyaru

A ce baɗi samfarera ta yi araha, layi na biyu ya tashi, sabon lissafi ya ba da darajar da ta haura ta littafi. Za a iya mayar wa injuna da gini da motoci abin da aka zaftare musu, amma da sharaɗi biyu. Dole ya zama wani zato ne ya sauya da gaske, kamar yawan ciniki ko kason ragi, ba don shekara ta matso kawai ba. Sannan ba za su haura inda za su kasance da ba a taɓa sauke su ba. Injunan nan, da ba a taɓa su ba, bayan shekara guda 125 za su zama. A littafi yanzu za su zama 110.625. Iyakar abin da za a mayar musu 14.375 ke nan, ko da kasuwa ta yi kyau fiye da haka.

Gudwil kuwa ba ya dawowa, ko ribar ta ninka. Ƙa'ida tana ɗaukar duk sunan da wurin ya sake yi daga baya a matsayin wanda kamfani ya gina da hannunsa, irin wannan kuma ba a rubuta shi a littafi. Saboda haka miliyan 40 ɗin Daura sun fita ke nan, kuma daga shekara mai zuwa rukunin ba ya cikin masu gwajin dole na shekara-shekara; za a koma duba alamu kawai kamar yadda aka yi a mataki na farko.